Ƙidayar Jama'a da Tambayar da Aka Cire Daga Takarda

Tun da aka ɗage ƙidayar jama'ar da aka shirya yi a 2023, duk lokacin da aka ta da zancen sa sabuwar rana sai tsohuwar muhawara ta dawo: shin ya kamata a tambayi ɗan Najeriya ƙabilarsa? Ƙidayar 1991 ba ta yi wannan tambaya ba, haka ma ta 2006.

Ba Najeriya kaɗai ke kauce mata ba. A Faransa, wata doka ta 1978 ta hana tattara bayanan da ke nuna jinsi ko ƙabilar mutum, sai a wasu keɓantattun yanayi. Hujjar Faransawa ita ce jamhuriya ba ta san kowa ba sai ɗan ƙasa, kuma ba su manta yadda aka yi amfani da rajistar Yahudawa wajen kame su a Yaƙin Duniya na Biyu ba. Ruwanda ta ɗanɗana abin da ya fi haka kusa da mu. Katin shaidar da Turawan Beljiyam suka ɓullo da shi, mai ɗauke da Hutu ko Tutsi, shi maharan 1994 suka riƙa dubawa a shingayen hanya. Yau ƙidayar ƙasar ba ta tambayar wannan.

Tsoron Najeriya daban ne. A nan yawan jama'a ke yanke kujerun Majalisar Wakilai, yana kuma cikin ma'aunin rabon kuɗin tarayya, don haka ƙidaya ta zama takara. An soke ta 1962, aka sake a 1963 cikin rigima. Ta 1973, wadda ta ba da kusan miliyan 80, gwamnatin Murtala Muhammad ta yi watsi da ita a 1975. Kafin ta 2006, wasu sun yi barazanar ƙaurace mata idan aka saka ƙabila da addini, wasu kuma idan aka cire. Gwamnati ta cire, kuma ba a ga laifinta ba.

Amma masu son a tambaya suna da hujjar da ma'aikacin tarayya ya fi kowa saninta. Sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulki ya hana 'yan wasu jihohi kaɗan, ko wasu ƙabilu kaɗan, mamaye gwamnatin tarayya da hukumominta. Sai dai Hukumar Daidaita Rabon Muƙamai da jiha take awo. Ƙa'idarta ita ce kowace jiha ta sami abin da bai gaza kashi 2.5 cikin ɗari na ma'aikata ba, bai kuma wuce kashi 3 ba. A hukuma mai ma'aikata 1,000, rabon Kogi ke nan mutum 25 zuwa 30. Idan duka talatin ɗin Igala ne, babu Ebira babu Okun, takardar za ta nuna an cika ƙa'ida. Wanda aka bari a baya kuwa ba shi da alƙaluman hukuma da zai kafa hujja da su, domin rabon da a ƙidaya ƙabilarsa tun 1963.

Kenya ta bi ɗaya hanyar. Tana tambaya, tana wallafawa, kuma dokarta ta 2008 ta hana ƙabila ɗaya wuce kashi ɗaya bisa uku na ma'aikatan hukumar gwamnati. Can ana iya ɗaukar jerin ma'aikata a aza shi kusa da ƙidaya a ga wanda ya ci fiye da rabonsa. Farashin ma ya bayyana: bayan ƙidayar 2009, gwamnati ta soke sakamakon gundumomi takwas bisa zargin an kumbura shi, maganar ta kai kotu.

Akwai kuma matsalar da ba a cika ambata ba. Tambayar kanta ba ta da amsa guda. Bafulatanin Kano da bai san kalmar Fulfulde ko ɗaya ba, Bahaushe za a rubuta shi ko Bafulatani? Yaron da aka haifa a Nyanya, uwa Tibi uba Yarbawa fa? Duk wanda ya tsara jerin sunayen da mai ƙidaya zai zaɓa daga ciki, ya riga ya yanke rabin sakamakon.

Matsayin wannan jarida shi ne a bar tambayar a waje a ƙidaya mai zuwa, muddin rabon kuɗi da kujeru na rataye a kanta. Amma kada a fake da haka a ce ba a iya sanin komai. Binciken lafiya da yawan al'umma da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa a zaɓaɓɓun gidaje ya daɗe yana tambayar ƙabila da addini ba tare da tarzoma ba, saboda babu mai samun kujera da shi. A faɗaɗa irinsa. Ita kuma Hukumar Daidaita Rabon Muƙamai ta riƙa wallafa alƙaluman ma'aikatan kowace hukuma har matakin ƙaramar hukumar da suka fito, tunda takardar shaidar asali tana cikin fayil ɗin kowane ma'aikaci.