"Ai Itace Ne" Ba Hujja Ba Ce: Darasin Matan Beljiyam Da Madacin Ƙasa

Duk wanda ya taɓa dawowa daga hutu a gida ya san akwatinsa ba ya rasa ƙullin magani. Ga kilishi, ga daddawa, ga yaji, sai kuma wata leda da Inna ko Gwaggo ta cusa a gefe: garin maganin basir, saiwar sanyi, jiƙon ciwon ciki. Idan ka tambayi abin da ke ciki, amsar ɗaya ce: "Sha kawai, ai itace ne. In bai yi magani ba, ba zai yi illa ba." Ni dai wannan jimla ta ƙarshe ce nake jayayya da ita. Ba na faɗa da maganin gargajiya. Abin da nake cewa shi ne, akwai itacen da ke kashe ƙoda a hankali, ba ciwo ba alama, kuma danginsa na nan a kasuwanninmu.

Mun riga mun san tsiro na iya kisa. Ba wanda zai bar ɗansa ya yi wasa da 'ya'yan zaƙami, kowa ya san abin da ruwan tinya ke yi wa ido, kuma maharba daga tsiro suke haɗa dafin kibiya. Amma waɗannan gubarsu nan take ce. Ka sha da safe, kafin azahar kowa ya gani, sai a gargaɗi na baya. Ilimin kaka da kakanni ya ƙware wajen gane irin wannan. Inda yake da rauni shi ne gubar da sai bayan shekara biyu, ko goma, ko ashirin take bayyana. Wa zai haɗa ciwon ƙodar dattijo da jiƙon da ya sha yana saurayi?

A farkon shekarun 1990, likitocin ƙoda a birnin Burasel na ƙasar Beljiyam suka fara ganin wani abin mamaki. Mata masu ƙuruciya, waɗanda ba su da tarihin ciwon ƙoda, suna zuwa ɗaya bayan ɗaya ƙodarsu na mutuwa cikin 'yan watanni. Da aka bi diddigi sai aka gano duk suna zuwa wani asibitin rage ƙiba guda ɗaya, inda ake ba su ƙwayoyin da aka haɗa da garin saiwoyi daga ƙasar Sin. Farfesa Jean-Louis Vanherweghem da abokan aikinsa ne suka fara wallafa rahoton a mujallar Lancet a 1993.

Abin da ya faru kuskuren suna ne. Saiwar da aka yi niyyar sakawa da wadda aka kawo suna da sunaye masu kama da juna a harshen Sinanci, kuma da an daka su sun zama gari ba mai iya bambancewa da ido. Wadda aka kawo ɗin daga dangin tsiron da masana ke rubutawa Aristolochia take. Mutum fiye da 100 ne suka kamu, kusan duka mata, kuma mafi yawansu sai da suka kai ga wankin ƙoda ko dashe.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Likitocin suka lura wasu daga cikin matan na samun kansa a hanyar fitsari, sai suka ba waɗanda ƙodarsu ta riga ta mutu shawarar a cire ƙodojin da bututun fitsarin tun kafin wani abu ya bayyana. Mutum 39 suka yarda. Da aka duba abin da aka cire, an samu kansa a jikin 18, wato kusan rabi. An wallafa wannan sakamako a shekarar 2000, kuma ya nuna cewa waɗanda jimillar abin da suka sha ta haura giram 200 sun fi shiga hatsarin kansar. Ka tsaya ka auna giram 200. Ƙullin gari ne da ba zai cika ƙaramin kofi biyu ba, wanda mai shan cokali guda a kunu kowace safiya zai ƙarar da shi cikin 'yan watanni.

Sinadarin da ke wannan ɓarna yana manne wa ƙwayoyin halittar mutum ne, a cikin ƙoda da hanyar fitsari, ya zauna a can shekaru bayan an daina shan maganin. Ƙodar tana ƙanƙancewa, naman cikinta na komawa tabo. Shi ya sa da yawa daga cikin matan ciwon ya ci gaba ko bayan sun ajiye ƙwayoyin. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda yake ɓuya. A farko fitsari kan fito kusan fes a gwajin tsinken da ake tsomawa, hawan jini ma ba lallai ya tashi ba. Alamar da ta fi fitowa da wuri ita ce ƙarancin jini da kasala, abin da a gida za a ce shawara ce ko gajiya, a ƙaro wani jiƙon.

Wani zai ce, to ai wannan kuskuren Turawa ne da saiwar Sinawa, ina ruwanmu? Akwai ruwanmu. Tsiron da ake kira madacin ƙasa, wasu su ce duman dutse, ɗan wannan dangi ne, kuma an samu sinadarin a saiwarsa. Ana jiƙa shi don ciwon ciki da tsutsar ciki, ana ba wanda maciji ya sara. 'Yan uwanmu na Sudan ma suna da wani nau'insa da ake sayarwa a wajen masu magani. A kula, ba bishiyar madaci nake nufi ba, wannan daban ce, ɗaci ne kawai ya haɗa su suna. Kuma ka ga irin tarkon da ya kama matan Beljiyam ke nan: suna ɗaya na iya nufin tsiro biyu daga Katsina zuwa Maraɗi, kuma gari ba ya faɗin sunansa.

Hujjar da aka fi kawo mini ita ce, "Kakanninmu sun sha, sun yi tsawon rai." Wannan tsiron kansa ne ya fi kowa rushe ta. Sunan nasa daga harshen Girka ya samo asali, ma'anarsa haihuwa mai kyau, domin tun kusan shekara dubu biyu da suka wuce ake ba mata masu naƙuda shi. Girkawa sun yi amfani da shi, Rumawa sun yi, Sinawa da Indiyawa sun yi, kuma duk tsawon wannan zamani ba a gane yana jawo kansa ba. Akwai kuma wasu ƙauyuka a yankin kogin Danub, a Sabiya da Bosniya da Kuroshiya da Romaniya da Bulgeriya, inda tun shekarun 1950 likitoci ke ganin ciwon ƙoda yana cin gida-gida. An zargi ruwan sha, an zargi gado, an zargi abubuwa iri-iri. Sai wajen 2007 bincike ya tabbatar da cewa tsiron yana fitowa a gonakin alkama, 'ya'yansa na shiga cikin girbi, ana niƙa su da gari a yi burodi. Shekara hamsin, da likitoci da ɗakunan gwaji, kafin a kama ɓarawon. To ta yaya mai magani a kasuwar ƙauye, komai gaskiyarsa da tsoron Allahnsa, zai gano wannan? Wanda ya sha jiƙon ya ji cikinsa ya lafa zai dawo ya yi godiya. Wanda ƙodarsa ta mutu bayan shekara takwas ba zai dawo ba, kuma ba wanda zai tambayi danginsa me ya sha.

Birtaniya ta haramta sayar da maganin da ke ɗauke da wannan tsiro tun 1999, bayan ita ma an samu masu irin wannan ciwo. A 2002 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka magungunan ganye masu ɗauke da shi a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, rukuni ɗaya da taba sigari. Amma dokar Landan ba ta san da ledar da ke cikin akwatinka ba.

Na san amsar da za a ba ni: maganin Bature ma ai yana kashe ƙoda. Gaskiya ne. Masu shan ƙwayoyin ciwon jiki irin su dikilofenak kullum kamar gyaɗa suna cikin hatsari babba. Kuma magungunan asibiti da yawa daga itace suka fito. Kwinin daga ɓawon itace ne, maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha yau daga wani ganye dangin tazargade aka ciro shi, har Tu Youyou ta samu kyautar Nobel a kansa a 2015. Wannan ma ya ƙara nuna cewa a cikin itace akwai sinadari mai ƙarfi, kuma abin da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin cutarwa. Bambancin shi ne ƙwayar asibiti tana da suna, an auna nauyinta, an rubuta illarta a takarda, in ta yi ɓarna a janye ta daga kasuwa. Ƙullin leda kuwa, cokalin yau na iya fin na jiya ƙarfi nesa ba kusa ba, gwargwadon inda aka haƙo saiwar da lokacin da aka haƙo ta.

Mu da ke waje abin ya shafe mu ta fuska biyu. Mu ne ake turo wa ƙulli, kuma mu ne ake kira idan an ce ɗan uwa zai fara wankin ƙoda, sau uku a mako, awa huɗu kowane zama, kuɗin da ke cinye gona da gida. Duk da haka, yawancinmu in likita ya tambaya ko muna shan wani magani sai mu ce a'a, don a ranmu jiƙo ba magani ba ne, ko don kunyar kada a raina mu. Likitan nan ba zai kama ka ba. Amma in ya ga aikin ƙodarka na raguwa bai san da garin da kake zubawa a kunu ba, zai yi ta nema inda ba a ajiye ba, kai kuma kana ci gaba da sha.

Shawarata ga mai ƙulli a ɗaki ita ce ya kira wanda ya aiko ya tambayi sunan kowane itace da ke ciki. In an ce sirri ne, ko "haɗi ne na gado", ni ba zan sha ba. In aka ambaci madacin ƙasa ko duman dutse, a ajiye shi gaba ɗaya, domin ba a san wani ma'auni nasa da za a ce ba ya cutarwa ba. Wanda kuma ya san ya daɗe yana shan jiƙon da bai san asalinsa ba, ya nemi a yi masa gwajin jini na ƙoda. A sakamakon zai ga wata lamba da aka rubuta eGFR a gefenta. Idan ta yi ƙasa da 60 kuma ta zauna a haka tsawon wata uku, ƙodar na da matsala ko da jiki garau yake. In kuma mutum ya ga jini a fitsarinsa, ko sau ɗaya ne, ko babu zafi, ya tafi asibiti a makon, kuma ya ɗauki ragowar ƙullin ya nuna wa likita.