Kambin Khadija da Madubin 'Ya'yanmu

A farkon watan Janairun 2019 aka naɗa Khadija Ben Hamou, 'yar Adrar, sarauniyar kyau ta Aljeriya. Kafin kambin ya zauna mata daidai a ka, zagi ya cika shafukan sada zumunta. An zagi launin fatarta, an zagi hancinta da leɓɓanta, wasu suka ce ba ta yi kama da 'yar ƙasa ba. Mu Hausawan Tamanrasat mun san zafin wannan magana, domin fatar da aka zaga ita ce a jikin 'ya'yanmu.

Masu goyon bayan gasar kyau suna da hujja, kuma ba za mu raina ta ba. Suna cewa yarinya baƙa da ta saba ganin farare kaɗai a talabijin ta ga mai kama da ita an ɗaga ta a gaban ƙasa. Suna kuma kawo misalin Shatu Garko, 'yar Kano mai shekara 18, wadda ta ci gasar Miss Nigeria a watan Disambar 2021 sanye da hijabi. A ganinsu, wannan ya nuna mace za ta iya shiga fili ba tare da ta tuɓe tarbiyyarta ba.

Mun ji. Amma mu dubi yadda gasar take aiki. Ana jera 'yan mata, alƙalai su duba tsayi da tafiya da fuska, su ba da maki, a ɗauki ɗaya a sallami sauran. Gasar Miss World ta daɗe tana gindaya sharaɗin kada 'yar takara ta taɓa aure ko haihuwa. A 2018 an ƙwace kambin sarauniyar kyau ta Yukiren, Veronika Didusenko, da aka gano tana da ɗa. To, me yarinya mai shekara goma za ta koya daga nan? Za ta koyi cewa jikinta abin aunawa ne, kuma ma'aunin yana hannun wasu. Alƙalan da suka zaɓi Khadija da waɗanda suka zage ta sun saɓa a hukunci, amma sun haɗu a kan cewa fuskarta abin yi wa hukunci ce. Wannan darasin muke ƙi.

Ƙinmu ba na tashin hankali ba ne. A watan Nuwambar 2002 rikicin da ya biyo bayan shirin gasar Miss World a Najeriya ya ci rayuka fiye da 200 a Kaduna, aka mayar da gasar Landan. An yi bikin a can, iyalan Kaduna suka zauna zaman makoki. Jinin da aka zubar bai ƙara wa 'yar kowa mutunci ba.

Laifi tudu ne. Kafin mu hango na birnin Aljas, mu sauka daga kan namu. A gidajenmu ma akwai gasar kyau, ba dandamali, ba kambi. Mu ne muke yi wa farar mace kirari da alkyabbar mata. Mu ne muke tambayar hasken amarya kafin mu tambayi halinta. Sakamakon yana cikin kwalaben man bilicin da ke kan madubin 'yan matanmu. Yawancin irin wannan mai yana ɗauke da haidurokinon, ko magani mai ƙarfi dangin kotizon, wani ma har da makuri mai lalata ƙoda. Alamominsa ba sa ɓuya: gaɓoɓin yatsu su yi baƙi fuska ta yi fari, nankarwa ta tsattsage cinya da hannu, fata ta yi siriri har jijiya ta bayyana, rauni ya ƙi warkewa da wuri. Garinmu kuwa yana kan tudun Ahaggar, kusan mita 1,400 sama da teku, inda rana take da kaifi. Baƙin da ake kankarewa shi ne garkuwar fata daga wannan rana.

Saboda haka matsayinmu biyu ne, kuma ba sa karo da juna. Duk wanda ya zagi Khadija don launinta, mu ya zaga, za mu ba shi amsa. Amma ba za mu jira alƙalan gasa su gaya wa 'ya'yanmu cewa sun isa ba. Uwa ta daina kwatanta hasken 'yarta da na 'yar maƙwabta. Dangin ango su cire man bilicin daga kayan lefe. Uba ya yaba wa 'yarsa ranar da ta kawo sakamakon jarrabawa kamar yadda yake yaba mata ranar kwalliyar Sallah. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yarinya a bakin iyayenta take fara jin darajarta.