Gadon Bakano a Djougou: Dokar Wace Ƙasa Ce Za Ta Raba?

Tun zamanin fataken goro da ke bi ta Djougou zuwa Gwanja, Hausawa ke zama a arewacin Benin, kuma har yau akwai wanda zai shekara talatin a can bai bar zama ɗan Nijeriya ba. Ranar da irin wannan mutum ya rasu, in magada suka kasa sasantawa a gida, alƙali ba ya fara da tambayar nawa kowa zai samu. Yana fara da tambayar dokar wace ƙasa ce za ta raba. A nan ne ake iya tauye haƙƙin marayu da zawarawa tun ba a ɗauki alƙalamin lissafi ba.

A ƙaddara wani Bakano mai sayen amfanin gona a Partago, mazaunin Djougou. Ya auri mata biyu a Kano bisa shari'ar Musulunci, ya rasu ya bar su da 'ya'ya maza biyu da mata uku, iyayensa kuma sun riga shi. Abin da ake jayayya a kai gida ne a Djougou mai darajar sefa miliyan 24. A mazhabar Malikiyya, matan biyu za su raba tumuni, wato miliyan 3, sannan kowane ɗa ya sami miliyan 6, kowace 'ya miliyan 3. A dokar iyali ta Benin ta shekarar 2004 kuwa, abokin zaman da ya rage yana da rubu'i, wato miliyan 6, 'ya'ya biyar su raba sauran daidai, kowa miliyan 3.6. Gida ɗaya ne, amma rabon ɗa namiji yana iya raguwa da miliyan 2.4 saboda zaɓin doka kawai.

Kamar yawancin ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa a wannan yanki, Benin takan jingina al'amuran iyali ga dokar ƙasar da mutum yake ɗanta. In alƙalin Djougou ya bi wannan hanya, za ta kai shi Nijeriya. To amma Nijeriya ma tana da nata ƙa'idojin zaɓin doka, waɗanda ta gada daga Ingila: dukiyar da ake iya ɗauka tana bin dokar inda mamaci ya kafa mazauninsa na dindindin, gida da fili kuwa suna bin dokar inda suke. Ke nan Benin ta tura magana Nijeriya, Nijeriya ta maido ta Benin. Wannan maidowa ita ce lauyoyi ke kira ranbuwa, da kalmar Faransanci.

Shari'ar da ta fito da ita fili ita ce ta Forgo, ɗan Bavaria da ya yi kusan duk rayuwarsa a Faransa, ya rasu ba wasiyya. Ƙa'idar Faransa ta nuna dokar Bavaria, ta Bavaria kuma ta mai da magana ga inda ya zauna. Babbar kotun Faransa ta karɓi maidowar a hukuncinta na 1878 da na 1882. Dangin mahaifiyarsa, waɗanda dokar Bavaria za ta ba gado, suka tashi a tutar babu, dukiyar ta shiga baitulmalin Faransa. Tun daga nan ake zargin ranbuwa da cewa tana yi wa alƙali daɗi, don tana mai da shi ga dokar da ya haddace.

Masu goyon bayanta suna da hujja mai ƙarfi. Gidan yana Djougou, hukumomin Benin ne za su sauya sunan mai shi a takarda, kuma in kotunan ƙasashen biyu za su yi aiki da doka ɗaya, ba wanda zai ruga inda rabonsa ya fi tsoka. Sai dai hujjar duka ta rataya ne a kan zaton cewa alƙalin Nijeriya zai maido da maganar. Wane alƙali ke nan? Nijeriya ba ta da dokar gado guda ɗaya. Babbar kotun jiha na iya bin ƙa'idojin Ingila, amma gadon Musulmin Kano a kotun shari'ar Musulunci ake raba shi, ita kuwa da Malikiyya take aiki, ba ta mai da magana ga dokar wata ƙasa. Saboda haka bai kamata alƙalin Djougou ya karɓi maidowa ba sai an tabbatar masa, ta bakin masanin dokar Nijeriya, cewa kotun da ke da hurumin wannan gado za ta maido da gaske. In ba a tabbatar ba, ya maido wa kansa abin da ba wanda ya aiko masa.

Ko da an karɓi maidowar, akwai wani tarko da ya fi wannan haɗari, wato tantance rukunin da tambaya ta faɗa. Kowace ƙa'idar zaɓin doka tana da rukuninta: wannan ta aure ce, waccan ta gado. Kafin a yi aiki da ɗaya, sai an yanke ko tambayar ta aure ce ko ta gado. A shari'ar Bartholo, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta Aljiyas ta yanke a 1889, wata bazawara 'yar Malta ta nemi kaso a filayen da mijinta ya bari a Aljeriya. Da an ce buƙatarta ta gado ce, dokar Faransa za ta hana ta. Kotu ta ce ta dukiyar aure ce, dokar Malta ta ba ta.

Amaryar Bakanon nan tana cikin irin wannan hali. Dokar Benin ta 2004 auren mace ɗaya kaɗai ta amince da shi, kuma wanda aka ɗaura gaban jami'in gwamnati. In alƙali ya cusa tambayar ko ita matar mamaci ce cikin rukunin gado, dokar Benin za ta amsa da a'a, har uwargida ma tana iya rasa matsayinta, tunda nata auren ma ba jami'i ne ya ɗaura ba. Wannan kuskure ne, kuma alamarsa a fili take: an auna auren da aka ɗaura a Kano tsakanin 'yan Nijeriya da ma'aunin da aka yi wa auren Benin. Ingancin aure tambaya ce ta aure, dokar da aka ɗaura shi a ƙarƙashinta ce ke amsa ta. Dokar gado ba ta da aikin da ya wuce faɗin rabon matar aure. Faransa kanta, wadda ta haramta auren mace fiye da ɗaya, ta bi wannan hanya a shari'ar Bendeddouche ta 1980, inda ta amince wa matar wani ɗan Aljeriya ta biyu ta ci gado a gidajen da ke Faransa. In aka yi haka a Djougou, hanya mafi adalci ita ce matan biyu su raba rubu'in, kowacce miliyan 3.

Lauyan da zai tsaya wa irin wannan iyali, a Djougou ko a kotun ɗaukaka ƙara ta Parakou, abu biyu zai riƙe tun farko: shaidar aure daga Kano mai nuna wuri da ranar ɗaurawa, da bayanin masani kan kotun Nijeriya da ke da hurumin gadon. Wanda ya shiga kotu ba su a hannu, ya bar wa alƙali ƙofar komawa ga dokar da ta fi masa sauƙi, amarya da 'ya'ya su biya kuɗin wannan sauƙi.