Cire Zagin, Bar Ƙorafin

Duk lokacin da sakamako ya fito a fotal, akwai ɗalibin da zai tarar an sa masa ABS a kos ɗin da ya zauna ya rubuta, har ya sa hannu a takardar halarta. Ma'ana wai bai zo jarrabawa ba, kuma in ba a gyara ba kari-oba ce ta hau kansa. Nan take zai ɗauki waya ya rubuta wa jami'in jarrabawa na sashe imel irin wannan (da Turanci ake rubutawa, amma ga shi da Hausa):

"Malam, wannan zalunci ne. Kullum haka kuke wasa da rayuwar mutane. Sau uku ina zuwa ofishinka kana yi min yawo da hankali. In ba a gyara ba zan kai ƙara sama. Allah ya isa."

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce ka bari sai ka huce. Gaskiya ce, amma rabinta. Da yawanmu in mun huce sai mu goge komai, mu koma "don Allah Malam a taimaka min, a duba ni da idon rahama." Wannan ma asara ce. Makinka ba sadaka ba ne, kuma wasiƙar roƙo ba ta nuna wa kowa cewa an yi kuskure.

Abin da nake gani ya fi shi ne ka bi wasiƙar fushin jimla-jimla kana tambaya: wannan zan iya nuna ta a takarda? "Sau uku ina zuwa ofishinka" tana da ranaku, don haka ta zauna, a ma ƙara mata ranakun. "Kana yi min yawo da hankali" magana ce kan abin da ke zuciyar mutum, kai kuwa ba ka shiga zuciyarsa ba. Mai yiwuwa malamin kos ne ya tsallake sunanka wajen shigar da maki, ko kai ka rubuta lambar rajista da kuskure a takardar amsa. "Kullum" kuma kyauta ce ka ba shi, domin da ya tuno sau ɗaya da ya gyara wa wani, ya rushe maganarka, an koma musu kan halinsa an bar makinka. Ga yadda za ta koma:

"Malam, barka da aiki. Ni ɗalibin ajin biyu ne na ƙaramar difloma, lambar rajistata na sama. Na rubuta jarrabawar GNS 201 a semestar farko, na kuma sa hannu a takardar halarta, amma fotal ya nuna ABS. Na zo ofis ranakun 3, 10 da 17 ga wata, har yau ba a gyara ba. Rajistar kwasa-kwasai za ta rufe ranar 28, in ta rufe a haka dole in maimaita kos ɗin da na riga na rubuta. Ina roƙon a duba takardar halarta da takardar amsata kafin ranar. Na haɗo hoton katin jarrabawa da na fom ɗin rajista."

Ku lura, ba a sassauta komai ba. Zuwa ukun nan yana nan, ya ma fi ciwo yanzu da yake ɗauke da ranaku. Sannan imel ba ya tsayawa a hannun wanda ka aika wa. Jami'in zai tura wa malamin kos, wataƙila da shugaban sashe. Wasiƙa ta biyu zai tura ta yadda take. Ta farko kuwa, wa zai tura takardar da ake zaginsa a ciki? Ajiye ta zai yi, in kuma ta fita, ta zama hujjar rashin ladabi a kanka.

Wasu za su ce a makarantun nan ba a motsi sai an ga zafi. Na yarda akwai ofisoshin da sai da matsi. Amma matsin da ke aiki ba "zan kai ƙara sama" ba ne, kaiwar ce. In mako ya wuce shiru, sai ka amsa a kan wannan imel ɗin, ka sa shugaban sashe a Cc, ka rubuta layi biyu: na aiko wannan ranar kaza, ban sami amsa ba, saura kwana kaza a rufe rajista. Wasiƙar farko tana ƙasa, shugaban zai karanta ta, shi ya sa ake so ta kasance mai tsabta tun farko.

Wata dabara ƙarama: in za ka rubuta ta fushin, kada ka cike gurbin To sai ka gama gyara, ko ka rubuta ta a wani wuri daban. Undo Send na Gmail daƙiƙa 30 ne iyakarsa, shi ma sai ka shiga saiti ka ƙara, in ba haka ba 5 ce kacal.