Ba kowa 90 a fom ɗin APER ba kirki ba ne, zalunci ne

1/ Zare. Duk ogan da ya ɗauki fom ɗin APER ya ba duk ma'aikatansa 90 don kar ran kowa ya ɓaci, ya cuci wanda ya yi aiki. Na san iyayenmu da ke kan kujerun nan ba za su so maganar ba. Ku yi haƙuri, ɗanku ne, amma sai na faɗa.

2/ APER shi ne fom ɗin da ake auna aikin ma'aikacin gwamnati da shi duk shekara. Da can rahoton sirri ake yi, oga ya rubuta abin da ya so ba ka gani. Bayan kwamitin Udoji na 1974 aka koma tsarin da ma'aikaci zai ga makinsa ya sa hannu. Niyyar mai kyau ce. Wurin cikewa muka ɓata shi.

3/ Yayata ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙauye nan yankin Illela. Da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, kusan ita kaɗai ta riƙe wurin. Akwai abokin aikinta da ba a cika ganinsa ba, ranar Lahadi yana kasuwar Illela, Laraba yana Konni, sauran kwanaki gajiya.

4/ A Nuwamba ɗiyarta ta kwanta, ta yi ta makara har Disamba. Shi kuwa ya san lokacin cike fom ya matso, sai ga shi da sassafe, har shara yake sa a yi. Da fom ya fito, shi 92, ita 88. Kurakurai biyu ne suka haɗu a lambobin nan, bari in raba su.

5/ Na farko, auna shekara da watanninta na ƙarshe. Oga ba ya rubuta komai tun Janairu. Ranar da ya zauna da biro, abin da ke kansa shi ne makonni shida da suka wuce. Agusta ta ɓace. Ba lalle mugunta ba ce, haka ƙwaƙwalwa take, na kusa ta fi riƙewa.

6/ Mu yi lissafi, misali ne nawa. A ce kowane wata ana ba da maki 1 zuwa 5. Yaya ta ci 4 wata goma, ta ci 2 wata biyu. Jimla 44, a raba da 12, kusan 3.7. Shi ya ci 2 wata goma, 5 wata biyu. Jimla 30, a raba da 12, 2.5 ke nan. Ta fi shi nesa ba kusa ba.

7/ Amma in wata biyun ƙarshe kawai ka tuna, ita 2 ce, shi 5. Wanda ke ƙasa ya koma sama. Kuma ma'aikata ba wawaye ba ne, suna kallo. Baɗi kowa ya gane cewa aikin Maris asara ne, a ajiye ƙarfi sai Nuwamba.

8/ Na biyu, sakin hannu wajen maki. Ku lura, duk da oga yana ganin yaya ta gaza, 88 ya ba ta. Shi ma da ogan ya tuna Agusta, da wuya ya sauko da shi ƙasa da 85. Don me? Gari ɗaya muke. Wanda za ka ba 50 za ku haɗu a masallaci, a wurin suna, wataƙila surukin ƙaninka ne.

9/ Kuma tunda fom ɗin a buɗe yake, sai ka kalle shi ido da ido yana sa hannu. Ga tsoron a ce ka tare ma ɗan mutane abinci. Sai oga ya zaɓi zaman lafiyarsa, ya kira shi tausayi.

10/ Ga abin da tausayin ke yi. A ƙa'idar ƙarin girma ta ma'aikatan tarayya a lokacin da suke amfani da APER, jarrabawa na da 70, APER 20, daɗewa a aiki 10. In kowa na tsakanin 85 da 95, mai 95 ya samu 19 cikin 20, mai 85 ya samu 17. Duk gumin mutum ya zama tazarar maki biyu. Wanda ya bar aiki ya tafi karatun jarrabawa shi ya yi dabara.

11/ Abin takaici, mun iya awo. Je karar dabbobi ta Illela ranar Lahadi. Ba dillalin da zai yi wa raguna ashirin kuɗi ɗaya don yana jin nauyin masu su. Kuma in ka ɗura wa rago ruwa da safe cikinsa ya tashi, sai ya dafa gadon bayansa ya ji kiwon wata shida. Rago muna masa awon gaskiya, ma'aikaci sai kunya.

12/ Ya za ka gane ogan da hannunsa ya sake? Jera makin duk mutanensa a takarda ɗaya. In mafi ƙanƙanta 85 ne alhali ofis ɗin kowa na kuka da shi, ka gane. Mai auna ƙarshen shekara kuwa, ce masa ya kawo misali biyu. In duk daga Nuwamba da Disamba suke, shi ke nan.

13/ Maganin farko littafi ne mai warƙa 40. Kowane ma'aikaci da shafinsa. Ƙarshen wata oga ya rubuta layi biyu da kwanan wata: abin da mutum ya yi, ba halinsa ba. Kar a rubuta “tana da ƙoƙari”. A rubuta “14 ga Agusta, ta kwana kan yara uku, ta tura ɗaya babban asibiti a kan lokaci”.

14/ Ba ni na ƙirƙiro ba. John Flanagan ya bayyana hanyar tattara irin waɗannan abubuwan da suka faru a zahiri tun 1954. Mutum goma, minti uku kowanne, rabin awa a wata. Duk wata uku a zauna da ma'aikaci a karanta masa. Wanda aka gaya wa gaskiya a Afrilu ba zai yi rigima a Disamba ba, kuma ya samu damar gyarawa.

15/ Na biyu, tun Janairu a rubuta ma'anar kowane maki. Misali kan rahoton wata: 5, ya kai duka 12 a kan lokaci. 3, ya kai tara ko goma. 1, bai kai rabi ba. Wannan garkuwar oga ce ma. Surukin ƙaninka ya zo, ka buɗe masa rajista, ba kai ka ba shi 2 ba.

16/ Na uku, babban jami'in da ke sa hannu na biyu ya daina sa hannu ido rufe. Ya tara ogannin sassa kafin a rufe fom, duk wanda ya ba da sama da 90 ko ƙasa da 50 ya kawo hujja daga watanni daban-daban. Babu hujja, maki ya koma.

17/ Wani zai ce a tilasta kawai, dole kashi kaza su faɗi duk shekara. A'a. Kamfanin Microsoft ya yi irin wannan, ya watsar a 2013. A asibitin ƙauye mai mutum huɗu, duka huɗun na iya zama nagari. Hujja ake nema, ba kason faɗuwa ba.

18/ Wani kuma zai ce ai tarayya ta sauya APER da sabon tsarin PMS. To, madalla. Amma ogan da bai rubuta komai a Agusta ba, ko a kwamfuta ka ba shi fom, Nuwamba zai tuna, 90 zai danna.

19/ Yaya ta sa hannu a kan 88 ɗinta ba ta ce uffan ba. Ta dai ce min damina mai zuwa in lokacin tashi ya yi gida za ta tafi kamar kowa. Yaran ƙauyen ne za su biya kuɗin kirkin oga. In kai ke cike wa wasu fom, sayi littafin nan kafin ƙarshen wanga wata.