Ƙarin Gawa Ba Ya Tayar da Labarin da Ya Kwanta

'Yan'uwa marubuta, akwai wata shawara da ta zama ruwan dare a tsakaninmu. Da zarar wani ya ce tsakiyar labarinsa na bincike ta yi sanyi, sai a ce masa: "Kashe wani," ko "Shigo da budurwa." Ni ban yarda da wannan magani ba. Gawa ta uku ba ta firgita kowa idan ta biyu ba ta canja komai ba.

Mu ɗauki misali. Littafi mai babi 30. An sace yaro a Mandawari, yayansa tela ya shiga nema. Babi na 1 zuwa na 8 wuta. Daga na 9 zuwa na 22 kuwa, tela yana ta yawo: yau Kasuwar Kurmi, gobe marinar Ƙofar Mata, jibi gindin Dala, kowa ya tambaya sai ya tura shi gaba. Marubucin yana ganin aiki ake yi, mai karatu kuwa ya daɗe da ajiye littafin.

Ga gwaji. Ɗauki babi na 11 ka musanya shi da na 19. In babu abin da ya rushe, to, tsakiyarka jerin ziyarce-ziyarce ce, babu babin da ya haifi na gabansa.

Gyaran yana farawa daga mugu. Ina yake duk tsawon babi 14 ɗin nan? Yawanci barci yake yi, yana jiran babin ƙarshe. Alhali a ƙwaryar birni ba a bincike a ɓoye. Ka yi tambaya a majalisa bayan La'asar, kafin Magariba ta zaga lungu uku. Saboda haka tambayar da tela ya yi a Kurmi dole ta isa kunnen ɓarayin, su mayar da martani: su sauya wa yaron ɗaki, dattijon da ya yi magana ya daina amsa sallama, a je wa mai unguwa da zancen cewa tela ne ya sayar da ƙanensa. Yanzu kowace tambaya tana ci masa wani abu, kuma zai yi tunani kafin ya sake buɗe baki.

Sannan a babi na 15, ka amsa tambayar da ka buɗe littafin da ita. Na san wasu za su ce an fasa ƙwai da wuri. A fasa! Tela ya gano cewa daga gidan kawunsa, wanda katanga ɗaya ta raba su, aka buga wayar neman kuɗin fansa. "Wa ya sace shi?" ta mutu, wadda ta fi ta zafi ta taso: yaya zai gaya wa mahaifiyarsa, ga shi wa'adin biya ranar Hawan Daushe ne, saura kwana 4?

Babin da bai ci wa tela komai ba, ka cire shi, ko da a nan ne ka fi zuba Hausa. Babi 14 za su iya komawa 9.