Birki Bai Tsinke Ba, Taya Ce Ta Kulle

Akwai jimlar da muka saba jefawa cikin labaranmu duk lokacin da muke son kashe wani a hanya: "birki ya tsinke." Mun rubuta, mun karanta, babu mai tambaya. Amma sau da yawa, musamman da damina, birkin lafiyarsa ƙalau. Kamawa ya yi har ya wuce kima.

A watan Agusta mun shiga motar haya daga Sabon Garin Jega za mu Aliero, an ɗan yi yayyafi. A gaban direba wata 'yar fitila ruwan ɗorawa tana kunne, an rubuta ABS a cikinta. Muka ce, "Malam direba, wannan fa?" Ya taka birki sau biyu, motar ta cije, ya ce, "Kun gani? Tun da na saye ta haka take."

Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Idan fitilar ABS ce kaɗai a kunne, birkin yau da kullum yana aiki, domin ƙafa tana tura man birki zuwa tayoyi kamar yadda aka saba. Abin da ya daina aiki shi ne mai gadin birkin. A gindin kowace taya akwai 'yar na'ura da masu wayarin ke kira sansa, tana ƙirga juyawar tayar. Idan aka taka birki da ƙarfi, kwamfutar mota ta ga wata taya na shirin tsayawa cak alhali mota na tafiya, sai ta sassauta mata birkin ta sake kamawa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Shi ne karkarwar da ake ji a tafin ƙafa. Da zarar kwamfutar ta rasa saƙon ko da taya ɗaya ce, sai ta janye hannunta ta kunna fitila.

A busasshiyar kwalta, da tuƙin hankali, mutum zai shekara bai ji bambanci ba. Shi ya sa aka raina ta. To a ɗauka direbanmu yana gudun kilomita 80, wato kusan mita 22 kowace daƙiƙa, kwalta ta jiƙe, ƙura da baƙin mai sun zama santsi, sai motar albasa ta tsaya a gabansa. Ya danne birki iya ƙarfinsa. Tayoyin gaba suka kulle. Taya kuwa in ba ta juyawa ba ta jin maganar sitiyari: ya karya hagu ko dama, motar miƙewa za ta yi kamar an ja tabarma. Daƙiƙa biyu na wannan sulɓi, ta ci kusan mita 40. Gobe a tasha sai a ce birki ya tsinke.

Ba mu ce ABS tsafi ba ne. A kan yashi ko tsakuwa yana iya ƙara tsawon tsayawa ma. Babban amfaninsa shi ne ya bar wa direba sitiyarinsa ya kauce. Wanda fitilarsa ke kunne sai ya maye gurbin na'urar da kansa: ya rage gudu, ya ninka tazara, ya matsa birki a hankali, in ya ji mota ta fara sulɓi ya ɗan ɗaga ƙafa ya sake matsawa.

Wannan duk idan ita kaɗai ce. Idan jar fitilar birki, mai alamar motsin rai cikin da'ira ko mai rubutun BRAKE, ta kunnu tare da ita, kuma birkin hannu a sauke yake, a gangara gefe a tsaya. Mai yiwuwa man birki ne ya yi ƙasa.

Abin da ya fi ba mu haushi, sau da yawa matsalar ba ta kai ta kawo ba. Laka ce ta toshe sansa, ko waya ta tsinke ranar da aka canja boris, ko fiyus ya ƙone, ko batir ya yi sanyi. Na'urar binciken da ke karanta ABS za ta faɗi ko wace taya ce. Maimakon haka sai wasu su manna baƙin salatif a kan fitilar, ko su cire ƙwanta, musamman in za a sayar da motar. A wurinmu wannan ha'inci ne, kuma ya fi barin ta a kunne muni, domin wancan direban namu aƙalla ya san da ita.

Gane shi ba wuya. A murɗa makulli: fitilar ABS ta kamata ta kunnu na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. Idan motar tana da ABS amma fitilar ba ta ko ƙyafta ba, a tambayi mai ita wa ya taɓa ƙwan.